Yadda na ƙi karɓar kujerar sakataren kuɗi a ƙungiyar unguwarmu

Ni malamin jinya ne a wani asibitin gwamnati a Kano, kuma a unguwar da nake zaune nan aka haife ni, nan na yi makarantar allo, nan aka ɗaura mini aure. Na fara da wannan ne domin a gane cewa mutanen da na ce wa a'a iyayena ne da abokan wasan ƙasata. Abin ya faru bara, mako biyu bayan ƙaramar Sallah, kuma ya ci mini kusan kwana arba'in kafin ya mutu, alhali da na san hanya, da cikin kwana uku an wuce wurin.

Wani dare bayan sallar isha'i, ina neman takalmina a ƙofar masallaci, sai mutum biyu daga cikin kwamitin shirya zaɓen ƙungiyar ci gaban unguwa suka ja ni gefe. Ɗayansu sa'an mahaifina ne, Baba muke ce masa, ɗayan kuma abokina ne tun firamare. Baba ya ce wa'adin shugabanni ya ƙare, wanda ke riƙe da kujerar sakataren kuɗi ya yi zango biyu ba zai sake tsayawa ba, kuma dattawa sun zauna sun ga babu wanda ya dace kamata, tunda ina da boko kuma ba a taɓa jin kaina da kowa a kan kuɗi ba. Zancen ya yi mini daɗi. A zuciyata kuwa tun a tsaye na san ba zan iya ba. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "To Baba, na gode, a ba ni lokaci in yi shawara, in sha Allahu." Ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya yi albarka. Ni na tafi gida da cewa na ɗage magana, su kuma sun tafi da cewa na amsa cikin ladabi. Duk wahalar da ta biyo baya daga wannan jimlar ta taso.

Bayan kwana biyar wani yaro ya yi sallama da ni, ya ce an aiko shi karɓar hoton fasfo guda biyu da kwafin takardar NIN, ana sabunta kundin 'yan ƙungiya. Na fito daga aikin dare ke nan, idona cike da barci, ban tambayi komai ba na ɗauko na ba shi. Ashe takardun ba na kundi kaɗai ba ne. Ƙungiyar tana shirin abu biyu a lokaci guda: canza masu sa hannu a asusun banki da zarar an yi zaɓe, da kuma yin rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC. Ban san da haka ba sai ranar da jerin 'yan takara ya fito a guruf ɗin WhatsApp na unguwa, na ga sunana a gaban sakataren kuɗi, an rubuta "babu hamayya". Kafin in gama karantawa mutum ya fi ashirin sun yi mini Allah ya sanya alheri. Ina zaune a ɗakin hutun ma'aikata, cikina ya ɗuri ruwa.

Abu na farko mai amfani da na yi shi ne zuwa wurin wanda zai sauka daga kujerar. Na same shi a shagonsa bayan la'asar, na ce, "Yaya, ina so ka nuna mini aikin nan kamar yau zan karɓa." Ya yi shiru, sannan ya jawo wani buhun bagko daga ƙarƙashin kanta. Ciki akwai manyan littattafan lissafi guda uku, da ƙunshin rasiɗai an ɗaure su da kyauro, wata bayan wata. Ya buɗe mini littafin gidaje: gida 214, kowane an sa masa naira 1,000 a wata domin 'yan sintiri da yashe kwatoci da gyaran famfon burtsatse. Masu biya ba tare da an bi su ba, in ji shi, ba su kai rabi ba. Sauran sai an ƙwanƙwasa ƙofa, wani sau biyu, wani sau huɗu, kuma magidanci ba a samunsa sai tsakanin magariba da ƙarfe tara, ko bayan asuba. 'Yan sintiri shida ne, kowanne naira 20,000, kuma ranar 30 ga wata suna ƙofar gidansa ko an tara ko ba a tara ba. In taransifoma ta ƙone sai a buɗe wani karo-karon daban da nasa littafin. Bayan wannan akwai kai kuɗi banki, da karɓo takardar bayanin asusu, da haɗa rahoton da za a karanta a taron wata, da zama da masu binciken kuɗi a ƙarshen shekara. Ina zaune wurinsa ƙasa da awa ɗaya, wayarsa ta yi ƙara sau uku, duka a kan zancen ƙungiya.

Sai ya nuna mini wani shafi da aka zagaye da jan biro. Ya ce a shekararsa ta biyu lissafi ya yi giɓin naira 37,000. Bai ci ko sisi ba. Abin da ya faru shi ne mutane suna tare shi a ƙofar masallaci ko wurin jana'iza su miƙa masa kuɗi, ba rasit a aljihunsa, ya ce zai rubuta in ya koma gida, sai wani abu ya sha gabansa. Da aka zo bincike, mutane suka ce sun biya, littafi ya ce ba su biya ba. Ya cike daga aljihunsa, amma har yau akwai wanda in sun haɗu yake kallonsa wani iri. Ya ce, "Ƙanena, kuɗin jama'a ba ya son mai gajiya." Wannan shafin ya fi komai tsaya mini a rai, domin na san yadda kaina yake in na fito daga aikin dare. Mutumin da ya miƙa hotonsa da takardar NIN bai tambaya ba, shi ne zai karɓi dubu ɗaya a hanya ya tuna ta wace ce?

Kafin in tashi na roƙe shi kundin tsarin mulkin ƙungiya. Shafi goma sha ɗaya ne, na yi kwafinsa a kan naira 550. A daren na karanta shi, kuma abu uku na tsinta waɗanda ba wanda ya faɗa mini. Wa'adin shekara biyu ne. Duk ɗan majalisar zartarwa da ya rasa taro uku a jere ba tare da uzuri a rubuce ba, ana iya tsige shi a gaban babban taro. Sannan ɗan takarar da ke son janyewa dole ya rubuta wa shugaban kwamitin zaɓe aƙalla kwana bakwai kafin ranar zaɓe. A lokacin saura kwana 19.

Na ɗauko jadawalin aikinmu na wata shida da suka wuce, wanda nake ajiye hotonsa a waya, na dube shi da kalanda. Taron ƙungiya Lahadin farko na kowane wata ake yi bayan la'asar. A cikin Lahadi shidan nan, huɗu ina bakin aiki ko na kwana a asibiti. A sashenmu aiki kashi uku ne, safe da rana da dare, kuma jadawalin kowane wata daban yake fitowa, ba ni nake tsara shi ba. In abokin aiki ya yi rashin lafiya sai a kira ka ka rufe gurbi. Ban da wannan, mahaifina yana fama da shanyewar ɓarin jiki, ni nake kai shi gashin ƙashi sau biyu a mako, ni nake juya shi da dare in ina gida. Ga karatun digirin jinya da nake yi a jami'ar NOUN, saura shekara biyu. Da a ce yawan awanni ne kawai matsalar, da na matse barci na ƙara. Ainihin matsalar ita ce lokacin da aikin ƙungiya yake bukatar mutum, wato magariba zuwa tara da ƙarshen wata, shi ne lokacin da ba ni da iko da shi ko kaɗan.

Na yi shawara da mutum uku. Maiɗakina ta ce ita ba za ta hana ni aikin alheri ba, amma in tuna rabon da in duba littafin makarantar yara tun kafin azumi. Hajiyarmu kuwa damuwarta daban ce. Ta ce, "Kai dai kada ka watsa wa manya ƙasa a ido. In ba za ka yi ba, ka taka da ƙafarka ka faɗa musu, kada su ji a bakin wani." Na uku shi ne limamin masallacinmu. Na ce masa, "Allah gafarta Malam, ina tsoron kada in zama na guje wa aikin al'umma." Ya tambaye ni ko akwai wasu a unguwar da za su iya, na ce akwai. Ya ce to ai ba a kaina kaɗai nauyin ya rataya ba. Ya tuna mini hadisin Abu Zarri, lokacin da ya nemi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi muƙami, aka ce masa shi mai rauni ne, ita kuwa amana ce. Malam ya ce rauni ba sai na hali ba, rashin lokaci ma rauni ne a wurin riƙon amana. Daga nan zuciyata ta tsaya wuri ɗaya.

Duk da haka sai na sake yin wani kuskuren, na kuma saɓa wa maganar Hajiya. Kunyar Baba ta hana ni zuwa, sai na kira abokin nan nawa na ce don Allah ya isar wa kwamiti cewa ba zan samu dama ba. Ya ce ba komai, zai san yadda zai yi. Na saki jiki har kwana shida. Ranar na bakwai na haɗu da shugaban kwamitin zaɓe a wurin ɗaurin aure, ya kama hannuna yana ce wa mutane ga sabon sakataren kuɗinmu. Ashe abokina bai faɗa wa kowa ba. Da na tambaye shi, ya ce ya ɗauka fargaba ce kawai irin ta farko, zan sauko, kuma shi ma nauyin kai wa dattawa irin wannan saƙo yake ji. Ban ga laifinsa sosai ba, ni na ɗora masa kayan da ba nasa ba. Amma kwana 19 sun koma 12, wato saura kwana biyar ƙofar janyewa ta rufe.

Shugaban kwamitin ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, samunsa sai an shirya. Zuwan farko aka ce ya tafi Legas. Zuwa na biyu na zauna a zaurensa daga bayan magariba har kusan tara, baƙi suna shiga suna fita, da ya juyo kaina sai na ga mutum biyar a zaune, na ce gaisuwa ce kawai ta kawo ni, domin irin wannan magana ba a yinta a gaban jama'a. Na uku na bi shi sallar asuba, muka taka tare zuwa gida, ya sa aka shimfiɗa darduma a soro. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "Alhaji, na zo ne in ba da haƙuri. Karamcin da aka yi mini na gani, kuma ba zan manta ba. Amma ba zan iya riƙe kujerar nan ba, kuma laifina ne da ban faɗa tun daren farko ba." Na zayyana masa aikin asibiti da jinyar mahaifina da karatu, na nuna masa jadawalin a waya.

Alhaji bai yi faɗa ba, amma bai sake ni da wuri ba. Ya ce kowa a majalisar yana da abin yi, shi ma ga kasuwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya ce za a haɗa ni da yara biyu masu bin gidaje, ni dai in riƙe littafi. Daga baya ya ce to in karɓa na wata shida kafin a samu wani. A ƙarshe ya ce, "Sunanka kawai muke so, mutane sun yarda da kai." A nan ne na ga amfanin zaman da na yi a shagon Yaya, domin da ban ga littattafan nan da idona ba, da ɗaya daga cikin tayin nan ya kama ni. Na ce masa in yara suka karɓo kuɗi ni na sa hannu, duk abin da ya ɓace ni za a tambaya, kuma daidai ne a tambaye ni. Riƙon wata shida kuwa babu shi a kundin ƙungiya, ranar da aka rantsar da mutum shekara biyu ce ta hau kansa. Game da suna na ce, "Alhaji, yardar da ake yi mini ita nake tsoron in zubar. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi." Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ya ji, amma shi ba zai iya cire sunana da baki ba, sai na kawo a rubuce, kuma ya kamata in je in ga mai unguwa domin da shi aka yanke shawarar.

A ranar na rubuta takardar. Na fara da shafi biyu cike da bayanin rashin lafiyar mahaifina da yanayin aikina, sai maiɗakina ta ce wannan takarda a fayil za ta zauna, kowa zai iya karantawa, me ya kai sirrin gida ciki? Na yage na sake. Wadda na kai layi bakwai ce: kwanan wata, zuwa ga shugaban kwamitin zaɓe, godiya bisa zaɓo ni da aka yi, sanarwa cewa na janye daga takarar sakataren kuɗi saboda yanayin aikina ba zai bar ni in ba kujerar haƙƙinta ba, roƙon a cire sunana daga duk wata takarda da aka shirya da shi, da tabbacin cewa ina nan a matsayin ɗan ƙungiya mai biyan kuɗinsa. Bugawa da kwafi uku naira 400. Na kai wa sakataren kwamiti, na roƙe shi ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafina. Ya ɗan yi mamaki, ya ce tsakaninmu har sai an yi haka? Na ce saboda mantuwa ne. Saura kwana biyu wa'adin janyewa ya cika.

Wurin mai unguwa na fi jin tsoro, nan kuma abin ya fi zuwa da sauƙi. Na roƙi yayan mahaifina ya raka ni, muka tafi da goro na naira 2,000. Muka jira aka gama sasanta wasu maƙwabta a kan magudanar ruwa, wajen minti arba'in, sannan aka ba mu wuri. Kawu ne ya yi magana, ni kaina a ƙasa. Da ya gama na ce, "Ranka ya daɗe, a yafe mini jinkirin da na yi." Mai unguwa ya ce wanda ya zo ya ce ba zai iya ba ya fi masa wanda zai karɓa a riƙa nemansa ba a gani, domin ya ga irin haka ba sau ɗaya ba. Sai ya jefo mini tambaya: to me zan iya yi wa unguwa? Na riga na shirya amsa. Na ce duk wata uku, ranar da ba ni da aiki, zan zauna a harabar makarantar Islamiyya in auna wa dattawa da mata hawan jini kyauta, wanda na ga nasa ya hau in tura shi asibiti. Ni zan zaɓi ranar in sanar mako guda kafin nan. Ya ce ya karɓa. Ya kuma tambaye ni wa nake gani zai iya kujerar. Akwai wani malamin lissafi a raina, amma na ce a ba ni kwana ɗaya. Na je na same shi tukuna, na gaya masa duk abin da na gani a buhun bagkon nan ba tare da na rage komai ba, ya ce zai iya domin yana tashi aiki ƙarfe biyu kullum. Sannan na kai sunansa. Ban so in yi masa abin da aka yi mini ba.

Na ɗauka an gama, sai sakataren kwamiti ya kira ni ya ce akwai sauran magana wurin lauyan da ke yi wa ƙungiya rajista. A nan na fara jin cewa an sa sunana har cikin jerin amintattu. Na hau adaidaita sahu zuwa ofishinsa, zuwa da dawowa naira 1,200, na jira fiye da awa ɗaya domin yana kotu. Da ya zo ya yi mini bayanin da ya kamata duk ɗan ƙungiya ya sani. Shugabannin gudanarwa, irin su shugaba da sakatare da ma'aji, ƙungiya ce ke zaɓensu ta sauke su bisa kundinta. Amintattu kuwa su ne waɗanda ake yi wa rajista a CAC a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, da sunansu ƙungiya take zama abin da doka ta sani, su ke riƙe mata kadara. Kafin a yi rajistar sai an buga sunayensu a jarida an jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. In kuma an riga an yi, cire mutum ɗaya ba aikin takarda ɗaya ba ne, sai ƙungiya ta zauna ta yanke shawara, a sake nema a hukumar, a sake bugawa a jarida, a sake kashe kuɗi. Ya ce na yi sa'a, sanarwar ba ta tafi jarida ba, kuma dama ba za a iya kammalawa ba sai na sa hannu da kaina a fom. Amma ya riga ya buga takardun taro da jerin sunaye, dole a sake su. Na biya naira 5,000 kuɗin sake bugawa daga aljihuna, ba wanda ya tilasta mini, na ga dai jinkirina ne ya jawo. Ya zaro hotunana biyu da kwafin NIN daga fayil ya miƙo mini. Ta ɓangaren banki babu abin da aka kai tukuna, domin sai bayan zaɓe ake rubuta takardar canjin masu sa hannu, kowa ya je da BVN ɗinsa.

Ranar zaɓe na roƙi wani abokin aiki muka yi musayar aiki domin in halarta. Na san in ban zo ba za a ce fushi nake ko girman kai. Da aka zo kan kujerar sakataren kuɗi, shugaban kwamiti ya karanta takardata, wurin ya ɗan yi guna-guni. Wani daga baya ya ce 'yan boko dama haka suke, sai dai a yi musu. Maganar ta soke ni, har na ji zuciyata tana tafasa, amma na miƙe na ce abu biyu kawai: na gode, kuma ina neman afuwar duk wanda ya sa rai. Ban kare kaina ba. Aka zaɓi malamin lissafin, na je gabansa na biya kuɗin wata goma sha biyu a dunƙule, naira 12,000, ya yanka mini rasit na farko a sabon littafinsa.

Da za a mayar da ni ƙofar masallacin nan, abin da zan ce wa Baba shi ne, "Ina jin ba zan iya ba saboda aiki, amma a ba ni zuwa Juma'a in kawo amsa ta ƙarshe, kafin nan don Allah kada a sa sunana ko'ina." A wurinmu "zan yi shawara" da "in sha Allahu" kusan amincewa ce, musamman daga ƙarami zuwa babba, don haka in mutum yana nufin a'a sai ya sa kalmar a cikin jimlar, ya kuma yanka rana. Ba zan sake miƙa hoto ko takardar shaida ba sai na ji takamaimai me za a yi da su. Kuma na gane cewa "aiki ya yi mini yawa" ba ya gamsar da kowa, domin wanda kake gaya wa shi ma aikin ya yi masa yawa. Abin da ya sa Alhaji ya sassauta shi ne da ya ga Lahadi huɗu cikin shida a jadawali, ya kuma ga na san aikin kujerar dalla-dalla, na san inda zan gaza. Saƙon kuma ba a aikawa da shi. Baki ne farko, a keɓe, wurin wanda ke da ikon cire sunan, takarda ta biyo baya, gajeriya, a kan lokaci, ka riƙe kwafinka. In za ka yi tayin wani abu a madadin kujerar, ya zama wanda kai ke da iko da ranarsa, in ba haka ba ka sake ɗaura wa kanka igiyar da ka kwance.

Ba kowa ne ya huce ba. Baba, wanda ya fara kawo sunana, ya yi kusan wata biyu yana amsa gaisuwata a taƙaice, kuma na san dalili, shi ya tsaya a gaban dattawa ya ce ya ji daga bakina. Na je gidansa sau biyu na ba shi haƙuri. A zaman awon jini na biyu, mutum 46 suka zo, shi ne na tara a layi. Ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mini, na ɗaura masa abin awo, ya fito 168 bisa 100. Na bar shi ya huta minti biyar na sake aunawa, bai sauka sosai ba. Na rubuta masa a takarda, na ce, "Baba, gobe ina aikin safe, ka same ni ƙarfe takwas in haɗa ka da likita." Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya tambaye ni jikin mahaifina, ya ce in gaishe shi.